Haki ko lamba: wanne mai tattaki zai bi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 50, ina zaune a Zariya, kuma ina shan maganin hawan jini. Likita ya ce in riƙa tattaki, don haka nakan fita bayan sallar Asuba. Na karanta cewa bugun zuciyar mai shekaruna ya kamata ya kai wajen 110 zuwa 130 a minti ɗaya in yana motsa jiki. Ni kuwa in na tsaya na ƙirga sai in sami 96, alhali haki ya kama ni, da ƙyar nake amsa gaisuwar mutane a hanya. In ƙara sauri ne har in kai lambar, ko yaya zan yi? Ba ni da agogon nan mai auna bugun zuciya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ƙara sauri. Duk ranar da numfashi da lamba suka saɓa, ka bi wanda ya ce ka sassauta, kuma a wurinka numfashi ne ya faɗa.

Bari mu fara da inda lambar da ka karanta ta samo asali. Ana cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage a ce shi ne iyakar bugun da zuciyarsa za ta iya yi a minti ɗaya. A wurinka 170 ke nan. Daga nan a ɗauki kashi 64 zuwa 76 cikin ɗari na wannan adadi a kira shi matsakaicin motsa jiki, sai a sami 109 zuwa 129. Lissafin nan tun farkon shekarun 1970 ake amfani da shi, kuma kintace ne na tsaka-tsakin jama'a, ba awon zuciyar mutum ɗaya ba. Mutane biyu sa'annin juna, dukansu lafiyayyu, iyakar ɗaya na iya zama 158, ta ɗayan 182. Kuskuren bugu goma zuwa goma sha biyu sama ko ƙasa abu ne da aka saba gani. A 2001 wani mai bincike mai suna Tanaka da abokan aikinsa sun kawo wani lissafin, wato a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208, wanda zai ba ka 173, amma shi ma bai rabu da wannan kuskuren ba.

Magana kuwa daga jikinka take fitowa a wannan lokacin. Mutum ba ya magana sai yana fitar da numfashi a hankali, yana sarrafa shi. Muddin aikin bai wuce kima ba, jiki yana da sararin barin baki ya ari numfashin. Da zarar aiki ya yi nauyi, tsoka ta fara zuba sinadari mai tsami cikin jini fiye da yadda ake kwashe shi, iskar da jiki ke son fitarwa ta ƙaru, sai ƙwaƙwalwa ta karɓe ragamar numfashi ta hanzarta shi, ko kana so ko ba ka so. A nan jimla ke fara yankewa. Masu bincike irin su Carl Foster na Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse sun gwada mutane a ɗakin awo, suka ga cewa inda magana ke fara wuya yana kusa ƙwarai da inda na'ura ke nuna wannan canjin numfashi. Shi ya sa nake ɗaukar magana a matsayin alƙali, bugun zuciya kuma shaida.

Amma dole a yi gwajin maganar da kyau, don amsa "lafiya lau" bai isa ba. Ko wanda ya galabaita yana iya furta kalma biyu. Ka zaɓi abu mai ɗan tsawo da ka haddace, wanda zai ɗauke ka kamar daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ka riƙa amfani da shi kullum. Sunayen watanni goma sha biyu daga Muharram zuwa Zulhajji, ka ɗora da ranakun mako, sun wadatar. Ka faɗe su a fili da muryar hira, kana cikin tafiya, ba a zuci ba, ba kuma bayan ka tsaya ba. Sai ka tambayi kanka ko maganar ta zo da sauƙi. In ta zo sumul har kana jin za ka iya rera waƙa, aikin mara nauyi ne. In kana iya faɗa ba tare da tsinkewa ba, ana jin numfashinka, amma waƙa ba za ta yiwu ba, kana tsakiyar abin da ake nema. In amsar ta zama "e to, ina iyawa amma da ƙyar", ka iso bakin iyaka. In kuwa wata biyu ko uku kake faɗa ka tsaya ka ja iska, ka shiga aiki mai tsanani, wanda mai hawan jini da bai daɗe da farawa ba bai kamata ya zauna a ciki ba sai da yardar likitansa.

Yanzu ga 96 ɗin nan. Abu uku ne ke iya jawo ta, kuma ina so ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko jinkirin ƙirga. Zuciya tana fara sauka da zarar ka tsaya, kuma a minti na farko takan sauka da bugu goma sha wani abu har zuwa ashirin ko fiye. Wanda ya tsaya, ya laluba aljihu ya zaro waya, ya yi ta neman jijiya, sannan ya ƙirga minti guda cur, hutunsa ya auna, ba tafiyarsa ba. Ka koyi wurin jijiyar da ke bugawa tun kana zaune a gida: cikin wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, a ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da jijiyar nan mai tauri. Ka ɗora manuni da na tsakiya, ban da babban yatsa domin yana da nasa bugun. A hanya, agogon hannu mai nuna daƙiƙa ko na waya ya kasance a shirye kafin ka tsaya, ka fara ƙirga nan take, daƙiƙa 15 kawai, ka ninka da huɗu. Ka sani cewa kuskuren bugu ɗaya a nan kuskuren huɗu ne a minti, saboda haka bambancin 96 da 100 ba abin damuwa ba ne. Jijiyar wuya kuma ka bar ta. Danna ta da ƙarfi na iya rage bugun zuciya har mutum ya ji jiri.

Na biyu, wanda na fi zargi, shi ne maganinka. Ka ɗauko kwalin ka duba sunan. In atenolol ne, ko propranolol, bisoprolol, metoprolol, carvedilol, wato dangin da sunansu ke ƙarewa da "lol", aikinsu ne su hana zuciya gudu, a zaune da kuma lokacin aiki. Mai shan irin wannan yana iya yin aikin da zai kai wani 125, shi nasa ya tsaya a 100. Lissafin 220 bai shafe shi ba ko kaɗan, kuma bin lambar zai sa ya wahalar da kansa a banza, ko ma ya cutu. Ban ce ka daina sha ba. Yanke irin wannan magani farat ɗaya yana da haɗari ga zuciya.

Na uku shi ne wanda ba na so a yi wasa da shi. In maganinka amlodipine ne ko lisinopril, waɗanda ba sa rage bugu haka, kuma ka gyara ƙirga amma har yanzu haki na kama ka a tafiya mara sauri, to a duba ƙirjin. Asma, tsohon shan taba, ƙurar hunturu, ko zuciyar da hawan jini ya fara gajiyar da ita, duk suna sa numfashi ya gaza kafin bugu ya hau. Ka koma asibiti ka faɗa wa likita daidai yadda ka faɗa mini, da lambar da kuma hakin.

In an tabbatar babu wata matsala, ga yadda za ka samo lambarka ta kanka a safiya ɗaya. Ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri, kamar gefen filin makaranta. Ka yi tafiyar nutsuwa minti goma don jiki ya ɗumama. Daga nan ka ƙara sauri kaɗan ka riƙe shi minti uku, domin zuciya na buƙatar minti biyu zuwa uku kafin ta daidaita da sabon aiki. A ƙarshen minti ukun ka faɗi watanninka kana tafiya, ka tsaya ka ƙirga, ka riƙe adadin. Sai ka ƙara sauri, ka maimaita. A ce a zangon farko ka sami 21 kuma magana sumul, 84 ke nan. Na biyu 23, wato 92, magana na zuwa amma ana jin numfashi. Na uku 25, wato 100, ka kai Sha'aban sai da ka ja iska, ka ƙarasa da ƙyar. To ka tsaya nan, ba sai ka gwada na huɗu ba. Wurin zamanka shi ne zangon ƙarshe da magana ta zo da sauƙi, bugu 22 zuwa 24 a daƙiƙa 15, kuma 25 ce iyakarka. Ka maimaita wannan a wata safiyar don ka tabbatar, kuma a lokaci iri ɗaya da shan magani, saboda ƙarfinsa a jiki ba ɗaya ba ne tsawon yini. In likita ya canja maganin ko yawansa, tsohuwar lambar ta tashi aiki, sai ka sake awo.

Amfanin riƙe lambar yana fitowa ne a ranar da abin ya juya, wato magana lafiya lau amma bugu ya haura. Ka saba samun 23 a kwanar masallacin unguwarku, yau ka sami 27 da sauri iri ɗaya. A watan Maris da Afrilu zafi kaɗai na yin haka, domin jini na karkata zuwa fata don sanyaya jiki, gumi ya rage ruwan jini, zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Ƙishirwar azumi, zazzaɓin da ke shirin fitowa, rashin barci, ƙarancin jini, goro ko shayi mai kauri kafin fita, duk suna ɗaga shi. A irin wannan rana baki ba zai gaya maka komai ba, yatsunka ne za su gaya maka. Ka rage sauri, ka gajarta tafiyar, ka sha ruwa in ba azumi kake ba. In ya ci gaba kwana da kwanaki, ko ka ji bugun yana tsalle ba tsari, a auna ka a asibiti.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma minti talatin sau biyar a wancan zangon da kake iya magana ya cika ma'aunin ƙasa. Ciwo ko nauyi a ƙirji, zafin da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, ko hakin da bai lafa ba bayan ka huta 'yan mintoci, waɗannan ba a ƙirga musu bugu. Ka tsaya, ka zauna, ka sa a kai ka asibiti nan take.