Na ce zan dawo Litinin kuma ba zai yiwu ba, me zan rubuta wa Oga?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya rasu ranar Alhamis, na taho Funtuwa jana'iza. Na gaya wa Oga zan koma aiki Kaduna ranar Litinin, yau ga shi Lahadi, mahaifiyarmu kuma jikinta ya rikice, ba zan iya barinta ba sai Laraba. Watana shida kacal da fara aikin. Wane irin saƙo zan tura masa, ko in bari sai na koma in yi bayani baki da baki?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta, Ya ba Mama lafiya da haƙurin rashi. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don abin da kake shirin yi a ƙarshen maganarka shi na yi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Kada ka bari sai ka koma. Ka tura saƙon yau ɗin nan, kafin isha'i.

Ni Baffana ne ya rasu, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Ina aiki a lokacin a wani kamfanin sayar da kayan gini, ni ke riƙe da littafin sito. Da asuba aka kira ni, na shiga mota a tashar Kawo ta Kaduna, ta Zariya, ta Funtuwa, har wani ƙauye gaban Malumfashi, ko jana'izar ban samu ba, na tarar an dawo daga maƙabarta. A hanya na kira Oga na ce kwana uku zan yi. Aka yi sadakar uku, sai ga maganar bashin da ake bin marigayi, ga matansa biyu za su shiga takaba ba hatsi a rumbu, kuma ni ne babban namiji. Garin ba sabis sai ka hau wani tudu bayan makaranta. Na ce a raina ai Oga ya san mutuwa aka yi, zai fahimta. Kwana uku suka zama shida ban ce masa uffan ba.

Ranar da na koma, tun daga ƙofa na ga maigadi ya kawar da kai. Na shiga na durƙusa zan gaida Oga, a gaban direbobi da masu lodi da wani kwastoma da ya zo sayen siminti, sai ya ce, "Au, ashe kana nan? Na ɗauka tare aka binne ku." Ko "ya haƙuri" bai ce min ba. Ina riƙe da 'yar jakata da ƙurar hanya a ƙafata, na kasa ɗaga kai. Shekaru sun wuce amma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Mutumin da na yi wa aikin Asabar ba ko sisin ƙari, mutumin da na je sunan ɗansa da 'yar gudummawata. Ya ba ni takardar tuhuma in amsa cikin awa 24, ya kuma yanke min kuɗin kwana uku a albashin watan da na ci bashi na yi sadaka. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mabuɗin ƙaramin sito yana aljihuna duk kwanakin nan, mota biyu ta zo ɗaukar kaya ta koma ba komai. Abin da ya ƙona masa rai ke nan, bai san yaushe zan dawo ba, bai san ko ya sa a fasa kwaɗo ba. Maganarsa ba ta da hujja, amma shiruna ne ya ba shi ƙofa.

Shi ya sa nake cewa yau. In saƙonka ya isa kafin ranar da ka yi alkawari, izini kake nema. In ya isa bayan Litinin ta wuce, ka zama mai laifi yana kare kansa. Ga yadda zan rubuta da ni ne kai:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, barka da yamma. Ni ne wane. Na gode da izinin da ka ba ni na zuwa jana'izar yayana. Na yi alkawarin dawowa gobe Litinin, to jikin mahaifiyarmu ya tsananta bayan rasuwar, zan kai ta asibiti gobe. Ina neman alfarmar ƙarin kwana uku. In sha Allahu zan kasance a ofis ranar Alhamis da ƙarfe takwas na safe. Aikin da ke hannuna na yi magana da wance za ta riƙe, kuma wayata a kunne take in an buƙace ni. A yi min haƙuri da canjin da aka samu."

Ka lura Alhamis na sa ba Laraba ba, shi ya sa na ce kwana uku. Ka ce sai Laraba za ka iya barin Mama, to Laraba ranar tafiya ce. Daga Funtuwa sai mota ta cika, ga cunkoson Zariya, ga shingayen bincike, kuma ba na son ka yi dare a hanya don kawai ka cika alkawari. Oga zai iya haɗiye ɗagawa ɗaya. In ka sake ɗagawa karo na biyu, daga nan ya fara tunanin ko da rasuwar kake fakewa. Kuma kada ka rubuta "zan dawo nan ba da jimawa ba" ko "in komai ya lafa". Ka faɗi rana, ka faɗi lokaci.

Kada ka zuba masa tarihin gida. Maganar gado da wanda ya yi rigima da wa ba ruwansa, dalili ɗaya ya isa, kuma ya zama na gaskiya. In kun je asibiti ka adana katin da takardar magani, ba sai ka tura ba, amma in an tambaya kana da su. In Ogan ba ya jin Hausa ka rubuta abubuwan nan da Turanci, ka ƙara masa cewa an riga an yi jana'iza, domin wasu nasu bikin binnewa makonni yake ɗauka ana shiri, ba su gane me ke riƙe mu bayan mun binne a ranar.

Ka tura ta WhatsApp, ka kuma tura ta tes saboda matsalar sabis. In awa ɗaya ta wuce bai amsa ba, ka kira shi bayan magariba ka ce ka turo saƙo. Kira kaɗai ba ya barin shaida, ni da baki na nemi izinina na farko, ranar tuhuma ya ce shi kwana biyu ya ji. In akwai mai kula da ma'aikata a wurinku, ka tura masa shi ma.

Wani abu da ban sani ba sai daga baya: dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ware hutun rasuwa ba. Hutun shekara da ta tanada, aƙalla kwana shida na aiki, sai ka cika wata 12 kake da haƙƙinsa, kai kuwa watanka shida. Sai in takardar ɗaukarka aiki ta faɗi wani abu daban, ka duba ta. Don haka alfarma kake roƙo, harshenka ya nuna haka. In ya ce zai yanke kuɗin kwanakin, ka ce ka amince, kuɗin kwana uku ba su kai aikin ba, ba su kuma kai Mama ba.

Ita Mama don Allah a auna hawan jininta gobe, matar Baffana babba haka ta yi ta cewa ciwon kai ne kawai har ta faɗi. Kuma kafin ka taho ka tsayar da wanda zai riƙa kwana da ita, in ba haka ba jikinka zai zo Kaduna hankalinka yana Funtuwa. Ka duba aljihunka yanzu, in akwai mabuɗi ko wata takardar ofis a wurinka, ka ba direban motar farko ta gobe da safe, ka sa abokin aikinka ya karɓa a Kawo, ka kuma faɗa wa Oga haka a cikin saƙon.