Bokitan da suka lalace a masana'anta: a kan wa kuɗinsu yake hawa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni sabon akanta ne a masana'antar roba. Duk wata sai an sami bokitan da suka fito a lalace. Manaja ya ce in raba duk kuɗin da aka kashe a kan masu kyau kawai. Haka ake yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar manaja rabinta daidai ne, amma ɗaya rabin zai ɓoye wa masu kamfani ɓarnar da ya kamata su gani.

Lalacewa iri biyu ce. Akwai wadda ba makawa ko da inji lafiyarsa ƙalau: bokitan farko kafin mazubi ya ɗau zafi, da waɗanda ke fitowa da dabbare-dabbare idan an sauya kala. Ita ce lalacewar ƙa'ida, kuma kaya masu kyau ne ke ɗaukar nauyinta, domin ba a samun su sai da ita. Abin da ya haura wannan kuwa, wanda ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki ko ɗanyen kaya mai danshi ko sakacin ma'aikaci ya jawo, ba ya shiga kuɗin kaya. Asusun riba da asara na wannan lokacin yake tafiya. Abin da IAS 2, ƙa'idar lissafin haja ta ƙasa da ƙasa, ta tanada ke nan: ɓarnar kaya ko ƙwadago da ta wuce ƙa'ida ba a lissafa ta cikin darajar hajar da ke sito.

Mu ɗauka an zuba aikin bokiti 10,000 a wata, an kashe naira 9,600,000 tsakanin roba da albashi da wuta da sauransu. Lalacewar ƙa'ida kashi 5 cikin ɗari ce, wato 500, kuma masu niƙa roba suna sayen kowane lalatacce naira 200. Da aka ƙirga, masu kyau 9,200 ne, 800 suka lalace.

Fara da 500 ɗin nan. Ba a ɗora musu kuɗin sarrafawa, kuɗin da za a sayar da su kawai ake rubuta musu, naira 100,000. Cire wannan daga abin da aka kashe, saura 9,500,000. To a nan ake yawan zamewa: za ka raba ne da adadin da ake sa ran samu, 9,500, ba 9,200 da aka samu ba. Kowane bokiti ya tashi naira 1,000.

Sauran 300 da suka haura ƙa'ida, ka kimanta su kamar masu kyau, domin sun ci roba da wuta kamar kowane bokiti: naira 300,000. Ka yi wa asusun sarrafawa kiredit da wannan kuɗi, ka yi wa asusun rarar lalacewa debit. Idan an sayar da su an sami 60,000, cikin wannan asusun na biyu zai shiga, sai 240,000 da ta rage ta wuce asusun riba da asara. Masu kyau su shiga sito a kan 9,200,000. Haɗa 100,000 da 300,000 da 9,200,000, za ka ga 9,600,000 ta fito cif. In ba ta fito ba, koma kan abin da ka raba da shi.

Da ka bi hanyar manaja, bayan cire 160,000 na sayar da lalatattu 800, bokiti zai tashi kusan naira 1,026, asarar 240,000 ta narke cikin haja, ba mai tambayar abin da ya faru da inji a watan. In ma ba a sayar da kayan ba kafin rufe shekara, an kumbura darajar sito da riba gaba ɗaya.

Wani watan kuma, da aiki da kuɗi iri ɗaya, a samu 9,600 masu kyau. Farashi yana nan a 1,000. Ƙarin 100 ɗin riba ce ta 100,000, amma ka rage mata 20,000, kuɗin lalatattun da aka sa ran sayarwa ba a same su ba.

Lissafin nan ya ginu ne a kan cewa a ƙarshen aiki ake tantance kaya. Idan ana tantancewa a tsakiya, misali kafin a sa mariƙi, lalataccen bai ci kuɗin mariƙi da ƙwadagon sa shi ba, don haka abin da ya ci zuwa wurin kaɗai za ka ɗora masa. Haka kuma kayan da wata ya ƙare ba a kammala su ba, in sun riga sun wuce wurin tantancewa, su ma suna ɗaukar rabonsu na lalacewar ƙa'ida.

Abin da ya fi damuna a wuraren da na yi aiki shi ne adadin ƙa'idar kansa. Mai kula da injina zai so a ce kashi 8 ne maimakon 5, saboda rarar ta ɓace daga takarda. Kada ka karɓa da baki. Ka nemi rijistar fitar kaya ta watannin da aiki ya tafi lami lafiya, ku zauna da injiniya ku tsayar da adadi a rubuce, shugaban sashen kuɗi ya sa hannu, kuma kada a taɓa shi sai an sauya inji ko irin robar da ake saye.