Kaya sun makara: me zan rubuta wa mai kaya?

"Anti, ina ɗinka kayan makaranta a Kano. Wata makaranta a Abuja ta ba ni aikin riguna 120, ta biya rabin kuɗi, na yi alkawarin kaiwa ranar Litinin. Yau Laraba, 80 kawai na gama saboda yadin ya yanke a Kantin Kwari. Shugabar ta turo imel sau biyu, na kasa amsawa. Ko barci ba na iya yi."

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, abin bai ɓaci ba tukuna. Amma shirun nan ya fi makarar yi mata ciwo, domin ita ma iyayen yara sun tasa ta a gaba. Ki amsa yau, a ƙarƙashin imel ɗinta na ƙarshe. Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya. Ina neman afuwa, na saɓa alkawarin Litinin, kuma na yi jinkirin amsa miki. Yadin ne ya ƙare mini, laifina ne da ban saye shi gaba ɗaya tun farko ba. Riguna 80 sun kammala, zan sa su a mota gobe Alhamis, in turo miki lambar direba. Sauran 40 za su iso ranar Talata in sha Allahu. Kuɗin mota duka biyun a kaina. Idan Talata ta yi miki nisa, zan cire kuɗin 40 ɗin daga cikon da za ki biya."

Kada ki rubuta Talata sai yadin yana hannunki, kin kuma kara shi da na farko a hasken rana. Launi ɗaya kan bambanta tsakanin dila da dila, kuma ranar da yara suka yi layi kowa zai gani. In kina ganin za ki gama Litinin, ki ce Talata. Kada kuma tsoro ya sa ki yi rangwamen da zai cinye uwar kuɗi. Lissafa ribarki tukuna, kuɗin motar ya isa.

Wani kuma da kayansa suka makara ya tambaya: "Anti, ba zan iya cewa mota ce ta lalace a hanyar Kaduna ba?"

A'a, Malam. Wannan ɗabi'a ta "kaya suna hanya" ta ishe ni. Kaya suna kan teburin yanka, almakashi bai taɓa su ba, amma an ɗora wa direba laifi. Mai kaya zai ce ka ba shi lambar direban, sai ka kashe waya. Shi kuma ya tura yaro tasha ya wuni a rana, ya biya kuɗin adaidaita a banza. A waya ma ƙarya ba ta da kyau, balle a imel, inda take zaune da rana da lokaci, ana iya tura wa duk wanda ya nemi shaida a kanka. Rubuta ainihin dalilin a layi ɗaya, ka faɗi ranar da kayan za su iso.