Sun cire min naira 100 a ATM ɗin wani banki, ina uku na kyauta?

Tambaya: "Salam 'yan uwa. Jiya na cire dubu goma a ATM ɗin wani banki ba nawa ba, karon farko kenan a wannan watan, amma sai ga alat sun zare min naira 100 da 'yan kai. Ni a sanina sau uku ake cirewa kyauta a wata kafin su fara caji. Cuta ta suka yi ko doka ce ta canza?"

Wa alaikassalam ɗan uwa. Ba cutarka suka yi ba, doka ce ta canza, kuma ba kai kaɗai ba ne, har yanzu mutane da yawa da tsohon lissafi suke aiki. Uku na kyautan nan babu shi yanzu, CBN, wato Babban Bankin Najeriya, ta soke shi daga ranar 1 ga Maris 2025. Da can gaskiyarka ne, tun 2014 tsarin shi ne ka cire sau uku a injin wani banki ba caji, daga na huɗu su fara cirar naira 65, a farkon 2020 aka rage ta dawo naira 35, to shi ne duk muka saba da shi. Yanzu kuwa tun daga cirar farko caji ya hau, kuma ba ruwansa da irin asusunka, na ajiya ne ko na kasuwanci duk ɗaya.

Yadda abin yake yanzu, in katin bankinka ka saka a injin bankinka, kyauta ne, ko sau nawa ka cire a wata, kuma ko a ina injin yake. In injin wani banki ne wanda ke cikin harabar reshensu, naira 100 ce a kan kowace dubu ashirin. In kuwa injin wani bankin ne amma ba a reshe yake ba, irin na filin jirgi, manyan kantuna, otal ko gidan mai, to bayan naira 100 ɗin mai injin yana da damar ya ɗora nasa kuɗin har zuwa naira 500 a kan kowace dubu ashirin. 'Yan kan da ka gani a saman ɗarin harajin VAT ne, kashi 7.5 na cajin, shi ya sa za ka ga naira 107 da kwabo 50.

Inda mutane suka fi yin asara ba su sani ba shi ne wajen wannan dubu ashirin ɗin. Ba wai in ka cire rabi za su caje ka rabi ba ne, a'a, ko dubu biyu ka cire ɗari ce, dubu goma ɗari ce, dubu ashirin cif ma ɗari ce. Kai da ka cire dubu goma ka biya kuɗin dubu ashirin kenan. Ni tunda abin ya fara na daina cirar ƙananan kuɗi a injin da ba na bankina ba, in dai dole ta sa na tsaya to dubu ashirin nake dannawa, ragowar na ajiye a aljihu don gobe ma za a buƙace su.

Bari na yi maka lissafi da dubu hamsin ka gani. A injin bankinka ba ka biyan ko sisi. A reshen wani banki, ashirin ɗin farko ɗari, ta biyu ɗari, goman da ta rage ita ma ɗari, naira 300 kenan, da VAT ta zama 322 da kwabo 50. To amma sai ka je ka tarar injin ba ya ba da sama da dubu goma a lokaci ɗaya, wanda wallahi shi ne abin da ya fi ɓata min rai a harkar nan, dole sai ka saka kati sau biyar, kowane sakawa ɗari, ka ga ta koma naira 500 da VAT 37 da rabi, ga kuɗin alat na tes guda biyar da za su haɗa maka a ƙarshen wata in kana karɓar alat ta tes. Kuɗi iri ɗaya, banki iri ɗaya, amma ka kusa biyan ninki saboda yadda aka saita injin. In kuma injin filin jirgi ne da ya ɗora cikakkiyar 500 ɗinsa, kowane kaso 600 ne, sau uku 1,800 kafin haraji, a nan kam mai POS na bakin titi ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ke sa inji ya riƙa ba da kuɗi kaɗan a lokaci ɗaya iri biyu ne. Wani lokaci kuɗin da aka loda ne, yawancin injinan nan takarda arba'in suke iya turowa a lokaci ɗaya, in 'yan dubu-dubu aka zuba zai iya ba ka dubu arba'in, in 'yan ɗari biyar ne dubu ashirin, in 'yan ɗari biyu ne dubu takwas ce iyakarsa. Wani lokaci kuma bankin ne ya rage wa masu katin wasu bankuna don kuɗin su ishi nasu kwastomomin. CBN dai ta ce bai halatta a tilasta wa mutum cire ƙasa da dubu ashirin a lokaci ɗaya ba alhali akwai kuɗi a asusunsa, kuma ta ce a kai mata ƙara. Ni abin da nake yi, ina tambayar wanda ya fito a gabana ko maigadin wurin, nawa yake bayarwa? Su sun fi kowa sani. In aka ce min dubu biyar ko goma, ba na ma ɓata lokacina a layi, sai na yi gaba. In kuwa ba wanda zan tambaya, na fara danna dubu ashirin, in ya ƙi sai na zare katina, tunda bai ba da kuɗi ba babu caji.

Shi wancan ƙarin na injinan da ba a reshe suke ba, doka ta ce dole injin ya nuna maka shi a allo kafin ka amince. Matsalarmu saurin dannawa, mutum yana ganin rubutu ya fito sai ya danna ci gaba saboda na baya suna ta tsaki. Ka tsaya ka karanta, in ka ga adadin ya yi maka yawa ka fasa, ba a cirar komai in ka fasa a wannan matakin.

Masu katin bankunan waya waɗanda ba su da injin kansu su ma su lura, a wurinsu kowane ATM na wani banki ne, babu inda za su je a ce nan gida ne. Wanda albashinsa ko cinikinsa ke shiga irin wannan asusun kuma yana yawan buƙatar tsabar kuɗi, gara ya tura su dunƙule zuwa asusunsa na bankin da ke da reshe kusa da shi ya cire a can, kuɗin tiransifa sau ɗaya bai kai na saka kati sau biyar ba.

Game da naka alat ɗin, in 107 da kwabo 50 ka gani a kan dubu goma to daidai ne, ba abin da za su mayar maka. Inda za ka bi haƙƙinka shi ne in a injin bankinka aka caje ka, ko aka cire fiye da ɗari da harajinta a kan dubu ashirin alhali a cikin reshe kake, ko aka ɗora ƙari ba tare da an nuna maka a allo ba. Bankinka za ka fara zuwa, ba bankin mai injin ba, da kwanan wata da lokaci da wurin da injin yake, ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka tabbatar sun ba ka lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce shiru, sai ka tura wa sashen kare haƙƙin kwastomomi na CBN da wannan lambar da hoton alat ɗin.