Inna tana asibiti, ga aikin Alhaji gobe

"Kawu, yanzu aka bugo mini an kwantar da Inna a asibiti a Daura. Ga shi gobe Asabar ƙarfe 7 na safe zan zuba dakin, wato rufin kankare, a ginin wani Alhaji a Ƙofar Ƙaura, har ya ba ni kafin alƙalami. In tura masa saƙo in kama hanya?"

Ɗana, Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Tafiya kam dole ka tafi, ba wanda zai ga laifinka a kan mahaifiya. Amma kada ka tura saƙo. Babba ba a warware masa alkawari a rubuce. Ka kira shi yanzu, kafin ya shiga gida bayan isha'i. In bai ɗauka ba, ka biya ta ƙofar gidansa kafin ka nufi tasha.

Ka gaishe shi, ka ce: "Alhaji, uzuri ne ya taso mini, mahaifiyata aka kwantar a Daura." Ya isa. Ba sai ka zayyana ciwon ba, kada kuma ka ƙara gishiri don ya tausaya. Mutanen nan suna zuwa dubiya, abin da ka faɗa shi zai tarar.

Abin da ke ɓata tsakani shi ne asarar da za ka bar masa. Siminti ba ya komai in an rufe shi da leda, an ɗaga shi daga ƙasa. Amma mai injin kwaɓa, da mai tankar ruwa, da leburori, duk gobe suka sani. Kai za ka kira su ɗaya bayan ɗaya a daren nan. Leburan da ya riga ya zo da cebur ɗinsa sai an sallame shi da kuɗin mota, kuma daga aljihunka ya kamata su fito.

Sai ka ba Alhaji zaɓi: ko ka turo magini da ka yarda da hannunsa, ko a ɗaga. Yaronka kada ka bar masa dakin. Na taɓa yin haka shekarar da aka yi mini rasuwa, yaran suka zuba rabi suka tashi, washegari suka ƙarasa. Damina na sauka ruwa ya bi ta mahaɗar nan yana ɗiga a falo. Mai gidan bai ce mini uffan ba, bai kuma sake nemana ba, har yau abin yana damuna.

In ya zaɓi ɗagawa, kada ka ce "in na dawo". Ka ce ranar Litinin da yamma za ka kira ku tsayar da rana, ka kuma kira ko da jikin nata bai yi sauƙi ba. Kuɗinsa kai za ka fara tayar da maganar: ga su nan, in yana so a mayar. Da wuya ya karɓa, amma ya ji daga bakinka.

Ranar da ka dawo Katsina ka fara zuwa wurinsa da ƙafarka ka yi godiya. In ka isa Daura ka kira ni, ko ƙarfe nawa ne.