Sabar ERP a ofis ko a kilawud, ga wuta da intanet irin na Sakkwato?

Tambaya: "Muna sayar da taki da shinkafa, ma'aikata kusan 60, babban ofis a Sakkwato, rassa a Illela da Tambuwal. Wuta ba tabbas, intanet ma haka. Mu sayi saba mu ajiye ERP a ofis, ko mu biya na kilawud?"

Alhaji, tunda kana da rassa, kilawud nake ba ka shawara, wato manhajar ta zauna a sabar wani kamfani, ku riƙa shiga ta intanet. Ni aikina ke nan, kafa wa kamfanoni ERP, manhajar da ke haɗa lissafin ciniki, sito da akanta wuri guda.

Mutane na ɗauka in sabar na ofis an rabu da matsalar intanet. Waɗanda ke cikin ginin kawai suka rabu da ita. Yaronka na Illela dole ya bi intanet kafin ya iso sabar, sai ya zama layi biyu yake roƙo: nasa da na babban ofis. Ranar da batirin ofis ya mutu, duk rassa sun tsaya, ko da nasu lafiya lau. A kilawud kuwa, wanda layinsa ya yanke shi kaɗai ke zaune.

Ga lissafin wuta. A ce saba da rawuta suna cin wat 350. Sola ba ta aiki kusan awa 14 daga yamma zuwa safe, wato batir sai ya riƙe kilowat-awa 5. Wannan ba a ma sa na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma a Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ba saba da za ta jure ɗaki a rufe babu sanyi. Na'urar kan ci fiye da sabar kanta. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Kuma in wuta ta yanke sabar na tsakiyar rubuta bayanai, akwai yiwuwar su lalace; na taɓa ganin kamfanin da ya koma tattara rasit ɗin takarda na wata guda saboda haka.

Kuɗin sabar ka zuba a layi biyu daga kamfanoni daban a kowane reshe, da rawuta mai sauya layi da kanta. Starlink ma zaɓi ne, tun 2023 yake Najeriya. Kafin ka biya, bar wannan umarnin yana gudu a kwamfutar reshe mai Windows tsawon ranar kasuwa:

```
ping -t 8.8.8.8
```

In "Request timed out" na fitowa a jere na mintuna, layin bai isa ba. ERP ba gudu yake nema ba, rashin yankewa yake so.

Kilawud na da nasa ciwo. Yawanci da dala ake biya, kan kowane mai amfani, ka kuwa san halin naira. Sannan a Odoo, ɗaya daga cikin manhajojin ERP, sashen sayarwa na kanti yana ci gaba ba intanet in an riga an buɗe shi, amma na sito da na akanta tsayawa suke. Don haka kowane reshe ya ajiye littafin rasit mai lamba, a shigar da zarar layi ya dawo.

Da a ce injin casar shinkafa gare ka, kowa a harabar guda, da na ce ka sayi sabar, da sharaɗin kwafin bayanai ya fita daga ginin kowane dare.