Jiƙon kofi a ruwan sanyi: tambayoyinku da amsoshin likita

Likita, ina jiƙa kofi na kwana biyu don ya yi ƙarfi, amma sai ya fito da ɗaci. Awa nawa ya kamata, kuma ya ake auno?

Malam, kwana biyu ya yi yawa. Awa 12 zuwa 18 sun wadatar, in kuma a firji ka jiƙa, za ka iya kai shi awa 24, domin sanyi na rage saurin fitar ɗanɗanon. Ƙarfinsa daga auno yake zuwa. Ka sami ɓarzajjen kofi, kada ka yi da mai laushi kamar gari, don shi ke bin mataci ya dagula ruwan. Zuba giram 125 a kwalba mai tsabta, ka ƙara lita ɗaya ta ruwan sha, ka juya har ko'ina ya jiƙu, sannan ka rufe. Bayan tacewa za ka sami kusan mililita 750, saboda dusar ta shanye sauran. Wannan mai kauri ne, sai an surka shi da ruwa rabi da rabi.

Na haɗa da yawa tun makon jiya, yana firji. Zan iya ci gaba da sha?

Wannan tambayar ta fi damuna, Malama. Kofin da aka dafa, zafi ya kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke ciki. Shi kuwa jiƙon nan wuta ba ta taɓa shi ba, kuma tsaminsa bai kai ya hana su hayayyafa ba. Tsabtar kwalba da sanyin firji ne kawai ke tsare shi.

Mai kaurin da aka tace tas, aka rufe, aka ajiye a digiri 4 ko ƙasa da haka, ina ba da shawarar a shanye shi cikin mako guda. Wanda aka surka, kwana biyu zuwa uku. In madara ta shiga, a sha a ranar. Ki tura shi can ciki, kada ki ajiye a jikin ƙofa, inda ɗumi ke shiga duk lokacin da aka buɗe. In kin ga funfuna a samansa, ko yauƙi, ko kin ji warin tsami, ko murfin ya yi tsis da kika buɗe, ki zubar ba tare da ɗanɗanawa ba. Haka ma in firjin ya wuni babu wuta. Ki riƙa rubuta ranar tacewa a jikin kwalbar.

Ina da juna biyu, an ce wannan bai kai na zafi ƙarfi ba.

Laushinsa a baki ke ruɗin mutane, Hajiya. Sinadarin kafeyin na fita a ruwan sanyi ma, kuma mai kaurin da ba a surka ba yana iya fin dafaffen kofi yawansa. Iyakar mai ciki miligiram 200 ce a rana, har da na shayi, don haka ki tsaya a ƙaramin kofi ɗaya surkakke, wanda aka tace kwanan nan.